Maganar da Ta Faɗa Ƙasan "Duba Ƙari"

Kai-Tsaye ta karanta ta'aziyyarta da idonta, tana kwance a gadon asibiti da sauran numfashinta. Da ita ce ke ba da wannan labari, daga nan za ta fara, don ba ta yarda a binne magana a ƙasa ba. Sauran kuwa sai a bi shi a hankali, domin mace ce da ta cancanci a san ta, ba ranarta ta ƙarshe kaɗai ba.

Gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai gibi a haƙoran sama. Karatunta bai wuce sakandare ba. Sunan nan a shagon labule ta samo shi, inda ta yi shekaru tana aiki. In mai saye ya fara zagaye-zagaye, yana tambayar lafiyar gida da ta maƙwabta, sai ta yi murmushi ta ce, "Tafi kai tsaye, ɗan'uwa, wane launi kake so?" Ba rashin kunya ba ne. In an gama ciniki ita ce za ta tsare ka da gaisuwa har sai ka gaji. Cewa take yi gaisuwa ba ta gudu, amma magana tana gudu.

Ikon Allah, sai ta auri mutumin da ya fi kowa dogon shimfiɗa. Mai gyaran firji ne, dogo, mai sanyin murya, tana kiransa Injiniya don tsokana. Ranar da ya zo faɗa mata abin da ke ransa, ya fara da labarin firjin shagon da ya gyara, ya bi ta kan tsadar gas, ya shiga halin mahaifiyarsa. Ta bar shi har ya kai ga wani kawunsa, sannan ta ce, "Injiniya, aurena kake so?"

Ya ce, "To, can nake nufa."

"Da ka fara da shi, da yanzu mun sa rana."

Shagon labulen ƙarami ne, ƙofa ɗaya, bandir-bandir na yadi jingine da bango har rufi, da teburin yanka mai tabon almakashi. Mai shagon dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Da kasuwa ta ja baya, ya miƙa mata waya ya ce ta riƙa ɗaukar hoton kaya tana sakawa a shafin shagon na intanet, ya ji haka ake yi yanzu. Shi yake faɗa tana rubutawa. Sai ya gyara zama ya fara: sallama ga masu hulɗa da mu na kusa da na nesa, muna fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, muna farin cikin sanar da ku. Ta rubuta duka, ta wallafa. Ba wanda ya kira.

Wata rana tana cikin motar haya, sai ta ga matar da ke gefenta tana jan waya da babban yatsa. Hotuna na wucewa kamar ana kora su. Can sai ga labulen shagonsu ya bayyana. Ta leƙa ta ga abin da matar ke gani: hoton, layi biyu na gaisuwar Baba, ɗigo uku, sai 'yan kalmomin nan masu dusashewa, "duba ƙari". Irin yadin, ragin da aka yi, inda shagon yake, duk suna can ƙasa a rufe. Matar ba ta latsa ba. Yatsan ya ja, labulen ya tafi.

Da ta isa shago ta ce, "Baba, mu kaɗai muke karanta abin da muke rubutawa."

Ya ce, "Kina so in shiga wa mutane ba sallama?"

"Za mu yi sallamar, amma a ƙasa. Wanda ya latsa ya shigo gidanmu, sai mu gaishe shi. Na kan hanya kuwa tsayar da shi za mu fara yi."

Bai so ba, amma ya bar ta. Ta ɗauki hoton wani labule mai kauri, ta rubuta a sama: "Rana na tashin jaririnki daga barci? Wannan labulen haske ba ya ratsa shi." Kafin a rufe shago an kira har Baba ya daina ɗagawa, ya tura mata wayar yana cewa, "Karɓi, ke kika jawo."

Daga nan ta kama abin da hannu biyu. Ba wanda ya koya mata, kallo take yi. Ta gano wurin da ake datse rubutu ba ɗaya ba ne a kowace waya. Tata takan nuna layi uku, ta Baba kuwa, da yake ya ƙara girman haruffa saboda idonsa, da ƙyar take nuna biyu. Saboda haka duk abin da ta wallafa sai ta ari tasa ta duba, in maganar ba ta fito a wayar Baba ba, ba ta fito ba ke nan. Ta gano in ka bar fili tsakanin layi da layi don ado, filin ma cin wuri yake yi. Ta gano hoto ake fara gani, layin farko shi ke gaya wa ido ma'anar hoton. Ba ta kuma yarda da irin rubutun nan na "ba za ku yarda da abin da ya faru ba". Cewa take yi, wanda ka yaudara ya latsa yau, gobe ko gobara ce a gidanka wucewa zai yi.

Da a nan abin ya tsaya, da labarinta na labule ne kawai. Amma a haihuwar 'yarsu, wadda ita kaɗai Allah ya bar musu, ta zubar da jini har aka fitar da rai. Jininta O negetif ne, rukunin da ba a cika samu ba, likitoci kuma suka ce jikinta ba ya karɓar wani sai irinsa. Wani baƙo da ya zo duba ɗan'uwansa ya ji ana cigiya a baranda, ya naɗe hannun riga ya bayar, ya tafi ba a ko tambayi sunansa ba. Ta tashi da wannan a zuciya. Duk mutumin da ta gani a titi mai tsayi kaza, sai ta ce wa Injiniya, "Wa ya sani ko jinin wancan ne a jikina."

Shi ya sa ba ta iya wuce cigiyar jini a waya. Ita takan latsa. Abin da take tararwa a ƙasa kuwa yakan hana ta sukuni: mutum ya cika sama da sallama da ban-haƙuri da roƙon a taimaka a yaɗa, rukunin jinin da sunan asibitin suna can gindi, inda ba mai zuwa. Sai ta kira lambar ta ce, "Ba ka san ni ba. Goge abin da ka saka, zan turo maka wani." Wasu su zage ta, wasu su ji. Waɗanda suka ji suka gaya wa wasu, har ya zama in an kwantar da mutum ana neman jini, sai a ce a je shagon labule.

Akwai wani benci a bakin shagon. Nan masu neman jini suke zama, idanu jajur, waya a hannu. Takan ajiye almakashi ta zauna kusa da su. Ba ta gaggauta musu kuka, amma tambayarta uku ce: wane rukuni, wane asibiti, wa za a kira. Wata uwa ta taɓa riƙe mata hannu ta ce, "Ki fara da cewa maraya ne, ki ce yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba."

Ta ce, "Mama, zan rubuta duka, ba zan bar ko ɗaya ba. Amma mai irin jininsa yana cikin mota yanzu yana jan waya. Ba ya neman yaron kirki. In ya ga harafin jininsa, yatsansa zai tsaya da kansa."

Tana kuma ja musu kunne a kan abu ɗaya. Mutane da yawa ba sa tura rubutu, hoton fuskar waya suke ɗauka su watsa a zaurukan hira. Hoton nan kuwa abin da ke sama kaɗai yake ɗauka. "Duba ƙari" ɗin da ke jikinsa matacce ne, ko ka latsa har yatsa ya yi ciwo ba ya buɗewa. Don haka lambar waya ma dole ta shiga sama.

A hankali ta san masu irin jininta a garin, ba su da yawa. Lambobinsu na cikin wayarta. Akwai wani mai walda, ƙato mai tsoron allura, wanda duk ta kira shi sai ya ce, "Anti, kin mayar da ni famfo." Amma yana zuwa. Ya kwanta ya juya kai bango, ita kuma ta tsaya a kansa tana masa dariya har a cika leda.

A gida ma ba ta bar Injiniya ya huta ba. In ya turo mata saƙo yakan fara da fatan ta wuni lafiya, da fatan aiki da sauƙi, sai a can ƙarshe ya ce makullin gida na wurinsa. Ta dawo ta ce, "Na tsaya a ƙofa ina karanta fatan alherinka, sauro na cina." 'Yarsu ta kwashe da dariya. Shi kuwa ya ce, "Maman yarinya, ba kowa aka haifa da almakashi a baki ba." Ta ce, "Ai shi ya sa na aure ka, in riƙa rage maka tsawo." Tana son wannan sanyin nasa fiye da yadda take nunawa. In ta dawo daga asibiti, an yi cigiya ba a dace ba, ba ta magana. Shi ne zai zauna kusa da ita ya kama wani dogon labari marar kai, na injin firji da wayoyin wuta, har ta ji ƙirjinta ya sauka.

Ranar da abin ya faru, da safe ne, ta hau babur za ta kai awon tagogi wani gida. Wata mota ta fito daga kwana ta ɗebe su. Mai babur ya karye a ƙafa. Ita ba ta ko fasa fata sosai ba, ta tashi zaune tana neman jakarta, tana cewa ba komai. Wayarta ce ta shige ƙarƙashin taya ta zama gari. Kafin a isa asibiti leɓɓanta sun yi fari, cikinta ya ɗaure.

Likita ya ce wa Injiniya jini na zuba a ciki, saifa ce ta fashe, sai an buɗe ta. Ya ce irin jininta leda ɗaya ce a ma'ajiya, sun riga sun ɗaura mata, sun kira wasu asibitocin babu. Za su riƙe ta da ruwa iyakar iyawarsu, amma shiga tiyata ba jini a hannu kasada ce babba. A nemo masu bayarwa, yanzu.

Injiniya ya miƙa hannunsa, aka ce nasa ba zai yi ba, ya ma sani. Lambobin mutanenta sun tafi da wayarta. Ita kuma ta lumshe ido, ba ta amsawa. Ya fita baranda, ya jingina da bango kusa da wata gangar shara, ya ciro tasa wayar.

Ya san dokarta. Ya ji ta sau ba adadi a kan tabarmar cin abinci. Amma da ya zo rubuta harafin jini a sama, sai hannunsa ya ƙi. Matarsa ce, ba harafi ba. Ya kuma yi wani tunani da ba wauta ba ne: garin nan cike yake da mutanen da ta yi wa rana, in suka san ita ce, da gudu za su zo. Sai ya zaɓi hotonta mafi kyau, wanda take dariya gibinta a waje, ya rubuta:

"Jama'a, duk wanda ya san matata ya san mace ce da ta ƙarar da rayuwarta wajen taimakon bayin Allah. Ba ta taɓa jin wani na cikin ciwo ta juya baya ba. Yau da safe, a hanyarta ta zuwa aiki, mota ta buge ta."

Ya ci gaba, ya faɗi asibitin, ya faɗi rukunin, ya sa lambarsa, ya roƙi a taimaka. Komai na ciki. Ya wallafa, ya sa wayar a aljihu, nas na kiransa ya je ya karɓo magani. Yana jin aljihun na ta girgiza, ya ce a ransa alhamdu lillahi, ana gani.

Can ta buɗe ido. Ɗakin na warin maganin goge ƙasa, fanka na juyawa a kasalance, ledar jinin da ke rataye ta kusa yin rabi. Ta ji sanyi a ƙafafunta, da wani nauyi a ciki kamar an ɗora mata dutse. Ta ga Injiniya a gefen gado. Ta san ɗakin, ta sha tsayawa a cikinsa a kan wasu. Ta kalli ledar, ta kalli ƙugiyar da ke kusa da ita ba komai a jiki, ta gane.

Ta ce, "An samu?"

"Na saka. Mutane na ta gani, wayar ba ta huta ba."

"Wa ya zo?"

Ya ciro wayar daga aljihu.

"Ba ni in gani."

Ya riƙe mata wayar a gaban fuska, don hannunta na da allura. Ta ce kada ya buɗe rubutun, ya nuna mata yadda yake fitowa in ana wucewa. Ga hotonta tana dariya. Ga layukan: mace ce da ta ƙarar da rayuwarta wajen taimakon bayin Allah, ba ta taɓa jin wani na cikin ciwo, sai ɗigo uku. Duba ƙari.

Ta ce, "Ja ƙasa."

Ya ja. Allah ya jiƙanta. Allah ya sa ta huta. Mun yi rashi. Wata ta rubuta cewa ita ce ta samo wa ɗanta jini, ba za ta manta da ita ba har abada. Wani ya tambayi yaushe za a kai ta. Sharhi bisa sharhi, kowa ya ga na sama ya bi sahu. Can tsakiya wani ya rubuta, ku karanta duka mana, tana da rai, jini ake nema. Addu'o'i suka bi ta kansa suka binne shi. Kiran da ya yi ta shigowa yana wurin karɓar magani, da saƙonnin da bai buɗe ba, duk na gaisuwar rashi ne. Kuma an riga an ɗauki hoton fuskar waya, yana yawo a zauruka da mataccen "duba ƙari" a gindinsa.

Sai ta ga sunan mai walda. Ya rubuta: "Anti, wa zai sake kirana famfo. Na rufe shago, ga ni nan zuwa gidan."

Hawaye suka fara zubo wa Injiniya. Ta dube shi. Allah sarki, ko a wannan hali ba ta iya ganinsa haka ba. Ta yi ƙoƙarin murmushi ta ce, "Injiniya, ka yabe ni har ka kashe ni."

"Maman yarinya, na rubuta a ƙasa, wallahi duk na rubuta."

"Na sani. Ka rubuta da kyau. Ban san haka kake ganina ba." Ta ja numfashi. "Yanzu share hawayen, ka kira mai walda."

Ba shi da lambarsa. Ya tura masa saƙo a shafin, ba a buɗe ba, mutumin na kan hanya. Gidansu kuwa yana can ɗaya gefen gari, nesa da asibitin. Ya kira wata maƙwabciya, ta ɗaga da kuka, ta ce tsakar gida ta cika da mata, an ɗauko 'yarsu daga makaranta. Ya ce tana da rai. Matar ta yi salati, ta kasa fahimta, sai da ya maimaita. Ya ce in wani ƙato mai kayan walda ya iso, a juyo da shi asibiti.

Ya ce, "Bari in gyara rubutun."

Ta girgiza kai. "Wanda ya gani ya wuce, gyara ba ya kiransa ya dawo. Goge shi. Sabo za ka yi. Kada ka sa wannan hoton, ɗauki hannuna da ledar."

Ya ɗauka. Ta rufe ido, ta faɗa masa a hankali, tana hutawa tsakanin kalma da kalma, shi yana bugawa da yatsa ɗaya:

"TANA DA RAI. Jini O negetif ake nema yanzu, asibitin bakin gada. Kira:"

Ya sa lambar. Ta ce, "Sunana a layi na gaba. Yabon ka mayar ƙasa, kada ka zubar, ina so." Sannan ta sa ya ari wayar wata tsohuwa mai jinya a gadon kusa, ya duba ko lambar ta fito kafin a datse. Ta fito.

Wannan karon kiran da ya shigo na jini ne. Wata ma'aikaciyar banki ta ce ga ta nan ta fito. Wani ɗalibi ya ce bai tabbata da rukuninsa ba amma zai zo a gwada. Sai dai tsohon hoton bai daina yawo ba, ya riga sabon nisa. Wasu suka shiga gardama a ƙarƙashin sabon, wanne ne gaskiya, ai mun gani ɗazu ta rasu. Maƙwabciya ta kira ta ce mai walda ya iso, ya ji, ya juya da gudu ko takalminsa ɗaya bai tsaya ɗauka ba.

Ledar da ke rataye ta ƙare. Nas ta auna ta, ta fita da sauri, ta dawo da likita. Ya duba, ya ce ba za a ƙara jira ba, za su shiga da abin da ke akwai, duk wanda ya iso a ɗiba a biyo su da shi. Amma jini ba a ɗiba a ɗaura nan take, sai an gwada shi, an tabbatar ya dace.

Ana tura gadon a baranda, fitilun rufi na wucewa ta kanta ɗaya bayan ɗaya. Injiniya na biye yana riƙe da ƙarfen gadon. Ta ji yana ta magana, ya fara daga ranar da ya zo gyaran firjin shago, yana neman ya faɗi wani abu ya kasa isa wurin. Ta motsa yatsu ta taɓa hannunsa.

Ta ce, "Tafi kai tsaye."

Ya ce, "Kada ki tafi."

"Ka ga, ka iya."

Ƙofar ta rufe.

Mai walda ya iso jiƙe da gumi, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya kwanta, bai juya kai bango ba, ya ce wa nas ta ɗibi duk abin da take so. Ma'aikaciyar banki na gadon gefensa. Ana cikin gwada jinin nasu likita ya fito, ya cire abin rufe hancinsa, ya nemi mijinta.

Daga baya Injiniya ya tambaye shi, in da jinin ya zo da wuri fa? Likitan ya ce ba zai iya rantsewa ba, raunin babba ne, mai yiwuwa ko da jinin ba za ta tashi ba. Mutane suka yi ta maimaita masa wannan, da cewa kwana ne ya ƙare. Yakan gyaɗa kai. Bai taɓa musu ba, bai kuma taɓa cewa ya yarda ba. Jinin mai walda bai tafi a banza ba, an ɗaura wa wata mai haihuwa bayan kwana biyu. Da aka gaya masa, ya ce Anti ce ta kira shi, ko da ba ta sani ba.

Sanarwar rasuwar ma sai da ta zama aiki. Garin ya riga ya yi kukanta da safe, ya janye da rana, yanzu ba wanda zai yarda. 'Yan'uwa suka taru a barandar asibiti, kowa na faɗin yadda za a fara. Injiniya ya karɓi wayar ya zauna a ƙasa. Abin da ya rubuta a sama shi ne: "Yanzu ta rasu da gaske. Ni ne mijinta." Sai wuri da lokacin jana'iza. A ƙasa, inda sai wanda ya latsa zai gani, ya mayar da yabon nan da ta ce kada ya zubar, bai canza ko kalma ba.

Baba bai ɗauke bencin daga bakin shago ba. Har yanzu akan samu wanda bai ji labari ba, ya zo da jan ido yana tambayar matar nan mai rubuta cigiya. Sai Baba ya nuna masa rumfar gyaran firji a ƙarshen layi. Injiniya yakan ajiye abin da yake yi, ya goge hannu da tsumma, ya ba mutum kujera. Yana barinsu su faɗi duk abin da ke ransu, yaron kirki ne, uwa ce ta gari, ba ya katse kowa, ba halinsa ba ne. In sun gama sai ya ce, "Za mu rubuta duka. Wane rukuni ne?" Kafin ya wallafa, yakan taka har shagon labule, ya ari wayar Baba ya duba.